Saƙonnin gargaɗin saba sun cika akwati: mutum za ku ajiye, ko ɗan shiri, ko Alertmanager, ko PagerDuty?

Kusan duk abin da ke kan saba ya iya aika imel. `cron` yana tura duk abin da aiki ya fitar zuwa adireshin da aka sa a `MAILTO`, `smartd` yana aikawa idan faifai ya fara alamun lalacewa, Nagios da Zabbix, manhajojin sa ido kan sabobi, su ma da imel aka fi fara haɗa su. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi da yawa ke wayar gari da akwati guda da komai ke zuba a ciki. Ranar da lafiya lau, saƙo goma ne ko ashirin. Ranar da wani abu ya karye, ɗaruruwa ne, kuma galibi a lokacin da kowa ke barci.

Idan kun kai matakin neman mafita, hanyoyi huɗu ne a gabanku: ku ajiye mutum yana duba akwatin, ku rubuta ɗan shiri ya riƙa ƙirga saƙonnin, ku kafa manhajar kyauta a sabarku, ko ku biya kamfanin da sana'arsa ke nan. Kafin a auna su, ga daren da za a gwada kowacce da shi.

Daren gwaji

A ɗauka kuna da saba takwas da manhajarku ke gudana a kai, da saba ɗaya mai riƙe da rumbun bayanai na PostgreSQL. Da ƙarfe 1:20 na dare imel guda ya shigo: faifan sabar rumbun ya cika kashi 90 cikin 100. Dalili shi ne sabar da ke kwafar bayanai daga gare ta ta tsaya, ita kuwa PostgreSQL ta ci gaba da tara mata abin da ba ta karɓa ba a cikin `pg_wal`. Da ƙarfe 2:10 faifan ya cika taf, rumbun ya mutu.

Daga nan ne ruwan saƙonni ke sauka. Kowace daga cikin sabobi takwas ɗin tana da gwaji uku da suka faɗi, ana kuma maimaita aikawa duk minti 5. Saƙo 24 ke nan a kowane zagaye, 144 cikin rabin awa. Sabar rumbun ita ma ta aiko 12. Jimilla 156, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu suna nuna injiniyan manhaja da yatsa, alhali babu abin da zai iya yi. Wanda ya kamata a tasa shi ne mai kula da rumbu, kuma da an tashe shi tun 1:20, da yana da minti 50 na gyara kafin wani mai amfani da manhajar ya ga matsala.

Ma'aunai

Kuɗi, ɗorewa, sauƙin kafawa da haɗari duk za a duba. Amma akwai tambayoyi biyu da suka fi su nauyi a wannan aikin. Ta farko: hanyar tana iya ware tushen matsala daga cikin tarin, ta kai ga wanda abin ya shafa? Ta biyu: idan wanda aka kira bai amsa ba, ta sani? Imel ba shi da wurin da mutum zai danna ya ce na karɓa, ina kai. An aika, shi ke nan. Duk hanyar da ba ta cike wannan giɓin ba, ƙararrawa ce kawai.

Akwai kuma rauni a jikin imel ɗin kansa. Ƙa'idar SMTP, wadda imel ke tafiya a kanta, ba ta yi alkawarin sauri ba. Idan sabar da ke karɓa ta ce a dawo anjima, mai aikawa zai ajiye saƙon ya sake gwadawa, kuma manhajar aika imel ta Postfix, idan ba a taɓa saitinsa ba, yana iya riƙe saƙo a layi har kwana 5. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aiko masa saƙo ya tabbatar da kansa ta SPF ko DKIM, don haka sabar da ke aikawa kai tsaye da sunan `root` tana iya ganin an dawo mata da saƙonta ko an jefa shi `Spam`. Duk hanyar da ta jingina da imel ta gaji wannan rauni.

Mutum a gaban akwati

Wannan ce kaɗai hanyar da za ta iya karanta saƙon 1:20, ta haɗa shi da na 2:10, ta ce ai magana ɗaya ce. Mutumin da ya san tsarin zai ɗaga waya ya kira mai rumbu, idan bai ɗauka ba ya kira layinsa na biyu, idan ya ƙi shiga ya kira shugaban sashe. Babu manhajar da ta kai shi dabara.

Tsadarsa ce ke ɓoye. Mako yana da awa 168. Idan kowane ma'aikaci yana yin awa 40, mutum huɗu ba su isa ba, sai biyar, kuma ba a sa hutu da rashin lafiya a lissafi ba. Abin da aka fi yi shi ne a ɗora wa mutum ɗaya ko biyu a ce su riƙa leƙawa ta waya. Wannan ba gadi ba ne, sa'a ce.

Ko da an ajiye mutumin, ido yana sabawa. Wanda ya kwana wata uku yana ganin gargaɗin faifai da ke warware kansa da safe, ba zai ɗauki na 1:20 da muhimmanci ba. Gmail kuma yana cusa saƙonni masu kai iri ɗaya a layi guda, sai sun kai 100 yake buɗe sabon layi. A fuskar waya, saƙo sittin suna bayyana kamar saƙo ɗaya da 'yar lamba a gefensa. Ɗorewar wannan hanya tana rataye da mutumin: ranar da ya ajiye aiki, sanin wa ake kira a kan me ya tafi da shi, sai idan an rubuta a takarda.

Ɗan shirin da ke ƙirgawa

Injiniyoyi na son wannan domin ana gama shi cikin yini. Ana sa `cron` ya tada shiri duk minti 5, ya shiga akwatin ta IMAP, ya ƙirga sababbin saƙonni, idan sun wuce, a ce, 20, ya tura tes zuwa lambar mai duti. Kuɗinsa bai wuce na tes ba.

A daren gwajinmu, shirin zai yi shiru da ƙarfe 1:20, domin saƙo ɗaya bai kai 20 ba. Zai yi ihu da 2:15. Idan an ƙara masa dabarar duba kan saƙo don ya zaɓi wanda zai kira, masu rinjaye zai bi, wato injiniyan manhaja zai tasa. Shi kuma sai ya buɗe kwamfuta, ya yi minti goma ko sha biyar yana lalube, sannan ya gane ba nasa ba ne, ya fara neman lambar mai rumbu. Yawan saƙonni yana nuna cewa wani abu ya faru, ba ya nuna mene ne. Ana iya gyara wannan da jerin kawunan saƙo da za a kira a kansu ko da guda ɗaya ne, amma jerin nan sai an riƙa sabunta shi duk lokacin da aka ƙara saba.

Akwai tarkuna guda biyu da ke kama kusan duk wanda ya rubuta irin wannan shiri. Umarnin da aka fi amfani da shi kamar haka yake:

```
SEARCH UNSEEN SINCE 3-Mar-2025
```

`SINCE` rana kawai ya sani, bai san awa ko minti ba, don haka ba za ka iya ce masa minti 10 da suka wuce ba. Dole shirin ya ɗauko `INTERNALDATE` na kowane saƙo ya yi lissafin da kansa. `UNSEEN` kuma yana nufin da zarar wani ya buɗe saƙonnin a wayarsa ya koma barci, ƙirgan ya dawo sifili, shirin ya ɗauka an samu lafiya.

Ta fuskar ɗorewa, irin wannan shiri shiru yake mutuwa. A Oktoban 2022 Microsoft ya fara rufe shiga IMAP da suna da kalmar sirri kawai a Exchange Online, Google ma ya bi irin wannan hanya. Shirin da aka rubuta kafin nan, idan ba a koya masa kuka a kan kuskuren shiga ba, zai ci gaba da tashi duk minti 5 yana komawa hannu wofi, ku kuma kuna jin daɗin cewa dare ya yi tsit. Ga masu aiki a Najeriya akwai ƙari: layin da aka sa wa DND ta 2442 ba ya karɓar tes ɗin da ya biyo hanyar talla, sai kun tabbatar kamfanin tes ɗinku ya ɗora ku a kan hanyar saƙonnin hada-hada. Maganar amsawa kuwa babu ita sam, sai kun rubuta ta da kanku, kuma idan kuka fara rubuta jadawalin duti da wurin amsawa da matakan kira, kun shiga gina abin da wasu suka riga suka gina.

Manhajar kyauta a sabarku

Nan sai an bambance, domin ana yawan cakuɗa su. Alertmanager, abokin tafiyar manhajar sa ido ta Prometheus, ba ya karanta imel. Gargaɗin yana zuwa masa ne kai tsaye tare da lakabobi, wato sunan gargaɗin, sabar da ya fito, sashen da ke da shi. Zaɓarsa na nufin gyara daga tushe, ba tsaron akwati ba. Abin da za ku samu a madadin wannan wahala yana cikin wannan ɓangaren saitin, wanda sai kun ƙara masa sashen `receivers` kafin ya yi aiki:

```yaml
route:
  receiver: kowa
  group_by: ['alertname', 'cluster']
  group_wait: 30s
  group_interval: 5m
  repeat_interval: 4h
  routes:
    - matchers: ['team="db"']
      receiver: db
inhibit_rules:
  - source_matchers: ['alertname="DatabaseDown"']
    target_matchers: ['team="app"']
    equal: ['cluster']
```

`group_by` yana ɗaure gargaɗi masu suna ɗaya su zama sanarwa guda, don haka sabobi takwas masu kuka iri ɗaya saƙo ɗaya za su haifar. `group_wait` yana jinkirta sanarwar farko da daƙiƙa 30 ko 'yan'uwanta za su iso. Ƙa'idar ƙasan ita ce mafi amfani: muddin `DatabaseDown`, wato gargaɗin mutuwar rumbu, yana kunne, duk gargaɗin sashen manhaja da ke rukunin sabobi ɗaya da shi a danne shi. A daren gwaji, mai rumbu zai samu sanarwa da 1:20, ya samu wata da 2:10, injiniyan manhaja kuwa ba za a dame shi ba, in dai gargaɗin rumbun ya riga nasa isowa ko ya iso cikin daƙiƙu 30 ɗin nan.

A kula da `equal`. Idan lakabin `cluster` babu shi a ɓangarorin biyu, Alertmanager yana ɗaukar cewa sun yi daidai, sai ƙa'idar ta danne gargaɗin da bai kamata ba. Mutuwar rumbun gwaji tana iya rufe bakin manhajar da jama'a ke amfani da ita.

Inda Alertmanager ya tsaya shi ne a tambaya ta biyu. Ba shi da jadawalin duti, ba shi da wurin amsawa, bai san an tashi ko ba a tashi ba. Abin da ya iya shi ne ya maimaita wa mutum ɗaya ɗin nan bayan `repeat_interval`, wanda a saitin asali awa 4 ne. Idan wayar mai rumbu ta mutu ba caji, sai 5:20 za a sake tuna masa da gargaɗin faifan.

Zabbix ya fi shi a nan. Yana da matakan aiki: mataki na ɗaya a aika wa wane, idan lokaci kaza ya wuce matsalar na nan a aika wa wane, kuma ana iya sa sharaɗin cewa sai idan ba wanda ya amsa. Tsawon mataki a saitin asali awa ɗaya ne, wanda ya yi yawa ga rumbun da ya mutu, amma ana rage shi har zuwa minti ɗaya. Yana kuma da hanyar cewa wannan gargaɗi ya dogara da wancan, wadda ke yin aikin dannewa. Abin da ba shi da shi shi ne jadawalin da ke juyawa da kansa mako-mako. Wanda ke son wannan kyauta ya duba GoAlert, wanda kamfanin Target ya saki: yana da jadawali da matakan kira da amsawa, yana buƙatar PostgreSQL nasa, kira da tes kuma ta Twilio suke bi, wanda ake biya. Grafana OnCall na kyauta kada a fara sabon gini a kansa, tun Maris 2025 masu shi suka daina ƙara masa sabon abu.

Lasisi kyauta ne, amma lokaci ba kyauta ba ne: makonni kafin a lakaba wa kowane gargaɗi sashensa daidai. Babban haɗarin kuma shi ne a ajiye mai gadin a ɗakin da yake gadi. Idan wuta ko intanet ɗin cibiyar suka ɗauke, shi da sabobin tare za su yi shiru.

Kamfanin da ake biya

PagerDuty, wanda aka kafa a 2009, shi ne aka fi sani. Abin da ya sa ya dace da mai tarin imel shi ne ba sai an canja komai a sabobi ba. Kowane sashe ana ba shi adireshin imel nasa, ku karkatar da gargaɗin rumbu zuwa na rumbu, na manhaja zuwa na manhaja. Daga nan sai jadawali ya nuna wa ke duti, a buga masa waya, ya danna lamba ya amsa. Idan bai amsa ba cikin lokacin da kuka sa, kira ya wuce ga na gaba. Saitin asali minti 30 ne. Ga rumbun bayanai, 5 zuwa 10 ya fi dacewa.

Kuskuren da aka fi yi a ranar farko shi ne barin saitin imel a kan zaɓin da kowane saƙo ke buɗe sabuwar matsala. A daren gwaji, wayar injiniyan manhaja za ta yi ta ruri har ya kashe ta. Akwai zaɓin a buɗe sabuwa sai idan kan saƙon ya bambanta, da zaɓin kada a buɗe muddin akwai wata a buɗe. Na biyun yana kawo shiru, amma yana iya haɗiye wata matsala dabam da ta zo a lokaci guda. Na farkon kuma ba ya aiki idan kan saƙonku yana ɗauke da lokaci ko adadin da ke canjawa. A kowane hali, ta imel kaɗai PagerDuty bai san cewa kukan manhaja daga rumbu ya taso ba. Zai tashi mai rumbu da 1:20, wanda shi ne babban abin da ake nema, amma idan aka kai 2:10 zai tashi su duka biyun.

Kuɗi da dala ne, kuma da kan mutum ake lissafi. Akwai tsarin kyauta na mutum biyar mai jadawali ɗaya da iyaka a kan yawan kira da tes. Matakin farko na biya a 2025 yana tsakanin dala 21 da 25 ga kowane mutum a wata, wato injiniya shida dala 126 zuwa 150, kuma sai kuna da katin da ke biya a waje. Kamfani ma yana iya rufe kayansa: Atlassian ya daina sayar da Opsgenie ga sababbin masu saye a Yunin 2025, zai kuma kashe shi a Afrilun 2027.

| Ma'auni | Mutum | Ɗan shiri | Alertmanager | Zabbix | PagerDuty |
|---|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Albashin mutum 5 | Kuɗin tes | Saba da lokaci | Saba da lokaci | Dala, da kan mutum |
| Kafawa | Nan take | Yini | Makonni | Makonni | Yini ko biyu |
| Karanta imel ɗin da kuke da shi | E | E | A'a | A'a | E |
| Ware tushe daga tari | E, in ya ƙware | A'a | E | E | Kaɗan, ta imel |
| Sanin ba a amsa ba | E | A'a | A'a | E | E |
| Yadda yake lalacewa | Gajiya, barin aiki | Mutuwa shiru | Faɗuwa tare da cibiya | Faɗuwa tare da cibiya | Imel bai fita ba |

Layin ƙarshen nan maganinsa ɗaya ne ga dukkansu, kuma mai arha ne. Ku sa saba ta riƙa aika saƙon ina nan da rai duk minti 10, ta hanyar da gargaɗin gaske ke bi, zuwa wani wuri a wajen cibiyarku wanda zai yi kuka idan saƙon bai zo ba. Healthchecks.io yana yin wannan, yana karɓa ta imel, kuma yana da tsarin kyauta. Masu Prometheus suna yin haka da gargaɗin da ba ya mutuwa, wanda aka saba kira `Watchdog`.

Wa ya dace da me

Idan sabobinku na cikin ofis ne, ba mai amfani da su da dare, kuma matsala za ta iya jiran safiya, mutum ɗaya da matatar saƙonni mai kyau a akwati ya wadatar. Ku kashe haɗa saƙonni a layi ɗaya, ku rubuta takarda mai nuna kan saƙo kaza na wane ne, ku manna ta inda kowa zai gani.

Ɗan shiri na wucin gadi ne, na makonnin da kuke kafa wani abu. Idan dole ne, ku sa ya yi kira a kan wasu kawunan saƙo ko da guda ɗaya ne, ya kuma yi kuka idan ya kasa shiga akwatin.

Ƙungiyar mutum biyar ko ƙasa da haka, mai kayan da imel kawai suka iya, kuma mai abokan ciniki da dare, ta fara da tsarin kyauta na PagerDuty. A ganina wannan ne ya fi ba da riba a kan ƙaramar wahala, domin yana toshe giɓin amsawa a yini ɗaya.

Wanda ya riga ya kafa Zabbix, ko dala ke yi masa wuya, ya buɗe matakan aikin da ke ciki kafin ya nemi wani abu a waje. Da yawa suna da shi ba su taɓa wuce mataki na ɗaya ba. Mai Prometheus da sabobi da dama kuma ba zaɓi tsakanin biyu ke gabansa ba, haɗawa zai yi: Alertmanager ya ɗaure ya danne, sannan ya miƙa abin da ya rage ga PagerDuty ko GoAlert su yi kiran. Imel a bar shi ga gargaɗin da zai iya kwana, irin su takardar shaidar TLS da saura kwana 20 ta ƙare.